Rezo cike amma intanet ba ya tafiya bayan isha'i: yadda za ka gane cunkoson anten ne, da abin da za ka yi

Wata Hajiya da ke sayar da atamfa da leshi a Bukoki ta kawo mini wayarta shago har sau biyu cikin wata guda. Kukanta ɗaya ne. Da safe komai lafiya lau, da rana ma ba laifi, amma da zarar an idar da isha'i, lokacin da masu sayen kayanta suke zaune suna kallon hotunan da ta ɗora, sai hoto ya ƙi buɗewa, saƙon murya ya tsaya yana juyawa, kiran bidiyo ya daskare. Ta riga ta sauya batir, ta sa an goge mata wayar gaba ɗaya, har ta fara tambayar kuɗin sabuwa. Na ce mata, "Hajiya, ku dakata da sayen waya. Ku ba ni kwana uku mu auna." Wayar ba ta da laifin komai. Abin da muka yi a kwana ukun nan shi zan shimfiɗa, domin rabin masu zuwa wurina da wannan kuka a Yamai ciwonsu ɗaya da nata, kuma da yawa sun yi asarar kuɗi wajen maganin abin da ba shi ne ciwon ba.

Abin da sandunan rezo suke faɗa da abin da ba sa faɗa

Anten, wato dogon ƙarfen nan na kamfanin waya, yawanci an raba shi fuska uku, kowace fuska tana kallon ɓangarenta na unguwa. Kowace fuska tana da iyakar abin da za ta iya turawa a cikin sakan ɗaya, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinta wannan abin suke rabawa. A 4G anten ne yake yin rabon da kansa, sau dubu a kowane sakan, yana cewa yanzu wane, yanzu wance. Idan mutum biyar ne suke jan bidiyo, kowa zai samu rabo mai kauri. Idan ɗari ne, rabon kowa ya zama ɗan tsito.

Ka ɗauke shi kamar famfon unguwa. Sandunan da kake gani a saman waya suna gaya maka kusancinka da famfon ne kawai. Ba sa gaya maka jarka nawa ƴan ga-ruwa suka jera a gabanka. Za ka iya zama a gindin famfo, sanduna huɗu cif, ka yi awa guda ba ka cika bokiti ba. Shi ya sa mutum yake rantsuwa cewa rezo cike yake amma ba abin da ke tafiya, kuma gaskiya ya faɗa.

Dalilin da ya sa abin yake zuwa da dare kuwa a fili yake ga duk wanda ya san garin nan. Da rana mutane suna warwatse, wasu a Babbar Kasuwa, wasu a Katako, wasu a ofisoshi da makarantu. Bayan magariba kowa ya koma gida, an ci tuwo, samari sun hallara a fada an ɗora shayi, kowa ya ciro waya. Kuma ba rubutu ake yi ba, bidiyo ake kallo. Nauyin da ke kan anten ɗin kasuwa da rana ya tattara ya koma kan anten ɗin unguwannin kwana. Daga wajen ƙarfe 8 zuwa 11 na dare nan ne abin yake fin tsanani a yawancin unguwannin da na yi aiki.

Mataki na farko: kawar da abubuwan da suke kama da cunkoso

Kafin ka ɗora wa anten laifi, duba forfe ɗinka. Akwai forfe da idan ka cinye wani adadi ba a yanke ka, sai dai a rage maka gudu. Alamar wannan ita ce jinkirin ba ya bin agogo: da asuba ma haka yake, kuma gudun yana tsayawa a lamba ɗaya kamar an ɗaure shi. Cunkoso ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka ko a cikin minti guda.

Sai ka duba ko wayar ce. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tsaya kusa da wani mai layin kamfani ɗaya da naka, ku buɗe abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan tasa tana gudu taka tana rarrafe, matsalar tana hannunka, wataƙila ma'ajiyar wayar ta cika ko wata manhaja tana jan abu a ɓoye. Idan ku biyu kuna rarrafe tare, to ka bar wayar ta huta.

Akwai kuma ɗaukewar kuran, musamman a watannin zafi, Afrilu da Mayu. Idan wuta ta ɗauke, talabijin ya mutu, wifi na gidaje ya mutu, kowa ya koma kan waya a lokaci ɗaya. Anten ɗin da batirinsa ko janaretansa bai riƙe ba shi ma ya yi shiru, wayoyin da ke kansa suka koma kan maƙwabcinsa, wanda dama yana nishi. Wannan ma cunkoso ne, amma za ka gane shi da cewa yana zuwa farat ɗaya tare da duhu, kuma sanduna sukan ragu domin an mayar da kai anten mai nisa.

Na ƙarshe shi ne tsinkewar babbar igiya. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu yana biyowa ta igiyoyin da suka ratso ƙasashen maƙwabta. A watan Maris na 2024 igiyoyi da dama na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka ji a jikinsu. Irin wannan ba ya zaɓar unguwa, ba ya zaɓar lokaci. Idan ɗan'uwanka a Harobanda da abokinka a Tawa suna kuka ɗaya da kai da tsakar rana, ba anten ɗin bayan gidanku ba ne, kuma babu dabarar da ke ƙasa da za ta yi maka magani sai jira.

Mataki na biyu: awo na kwana uku

Nan ne nake so a daɗe, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan awon yake tsaye. Kana buƙatar takarda da biro, da hanyar gwada gudu, da hanyar ganin ainihin ƙarfin rezo da lamba.

Gudu ana gwada shi da shafin fast.com ko manhajar Speedtest. Lambar da za ta fito da Mbps a gefenta ita ce gudun sauko da abu. Ka lura gwajin kansa yana cin forfe, kuma idan gudun yana da kyau zai iya cinye mega ashirin ko fiye a gwaji ɗaya. Saboda haka kada ka yi ta dannawa. Sau uku a rana ya isa: bayan asuba, wajen ƙarfe 2 na rana, da ƙarfe 9 na dare. Wuri ɗaya, waya ɗaya, layi ɗaya.

Ƙarfin rezo kuma akwai lambobin da ake bugawa a wurin kira su buɗe shafin da masu gyara ke dubawa:

```
*#*#4636#*#*
*#0011#
*3001#12345#*
```

Na farko yana aiki a wayoyin Android da yawa, na biyu na Samsung ne, na uku na iPhone ne kuma shi sai ka danna kira. Wasu wayoyin sun toshe waɗannan lambobi. Idan taka ta ƙi, akwai manhajoji na kyauta irin su Network Cell Info da NetMonster da suke nuna abu ɗaya. Idan ka shiga shafin, kallo kawai za ka yi, kada ka taɓa abin da ba ka sani ba.

Lambobi biyu kake nema. Ta farko RSRP, ita ce ƙarfin muryar anten a inda kake tsaye. Tana zuwa da alamar ragi a gabanta, kuma in ka bar alamar ragin, ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -85 ƙarfi ne sosai, -100 tsaka-tsaki, daga -110 zuwa ƙasa kana bakin gaɓa. Ta biyu RSRQ, ita tana nuna yadda muryar take fita a cikin hayaniya. Idan tana wajen -8 ko -10 iska a sake take, idan ta gangara -15 ko fiye to akwai cinkoson jama'a ko kutsen wasu anten ɗin.

Ga abin da muka rubuta a ɗakin Hajiya, ɗaki mai rufin kwano a can ƙuryar gida. Bayan asuba gudu Mbps 7, RSRP -106, RSRQ -10. Da rana gudu Mbps 4. Ƙarfe 9 na dare gudu Mbps 0.4, RSRP -106 bai motsa ba, RSRQ ta faɗi zuwa -17. Kwana uku a jere kusan haka lambobin suka maimaita kansu.

Wannan shi ne hoton cunkoso. Ƙarfin muryar anten bai sauya ba tsakanin asuba da dare, domin ba anten ɗin ne ya matsa ba, ba gidan ne ya matsa ba. Abin da ya sauya shi ne yawan masu rabo, shi ya sa RSRQ ta lalace, gudu ya faɗi fiye da ninki goma. Da a ce gudun ƙasa yake safe da dare, RSRP kuma tana -115 kullum, da sai in ce raunin rezo ne, maganinsa daban. Hajiya kuwa tana da duka biyun a haɗe: cunkoso mai tsanani, da ɗan rauni saboda ɗakin da take zama.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe, domin yana rikita mutane. Girman bidiyo ko hoto da Mo ake rubuta shi, wato megan da muke saye, gudu kuma da Mbps. Mo ɗaya daidai yake da takwas na megan da ake auna gudu da shi. Ka ninka girman abu sau 8, ka raba da gudu, ka samu sakan nawa zai ɗauka. Bidiyon mega 30 ya zama 240. A gudun 7 na asuba, kamar sakan 34 ne. A gudun 0.4 na dare, sakan 600, minti goma cur, in ma bai katse a hanya ba. Da na yi wa Hajiya wannan lissafin a bayan takardar rasit, sai ta ce, "Ashe ɗana, ba wayar ce ta tsufa ba."

Mataki na uku: nemo wuri mafi kyau a cikin gida

Mutum zai ce, in dai cunkoso ne, mene ne amfanin sauya wuri? Amfanin yana nan, kuma mutane kaɗan ne suka san dalilinsa. Anten yana raba lokaci da fili a iska, amma yawan abin da zai iya cusa maka a cikin rabonka ya danganta da yadda kake jin sa. Idan muryarsa tana iso maka garau, yana zuba maka kaya da yawa a kowane zagaye. Idan kana jin sa dishi-dishi, dole ya yi magana a hankali, yana maimaitawa. Layin famfo ɗaya kuke bi, amma wani da jarka ya zo, wani da moɗa. Bambancin yakan kai ninki uku ko fiye.

Don haka da ƙarfe 9 na dare, ba da safe ba, ka buɗe shafin lambobin ka zagaya gida. Ka tsaya a kowane wuri kamar rabin minti lambar ta zauna. Bakin taga, tsakar gida, zaure, ƙofar gida, saman bene in akwai. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe da katangar siminti mai rodi suna cin rezo sosai. A gidan Hajiya, bakin zaure ta gefen gabas ya ba mu RSRP -93, gudu kuma Mbps 1.6. Ba wani gudu ne na a zo a gani ba, amma ninki huɗu ne na ɗakinta, kuma ya isa hoto ya buɗe, saƙon murya ya wuce.

Wurin nan ya fi muhimmanci ga mai tura abu. Cunkoson dare ya fi danne ɓangaren saukowa, domin masu kallo sun fi masu ɗorawa yawa. Turawa kuwa da ɗan ƙaramin ƙarfin wayarka ake yin ta, kuma ita ce take fara mutuwa a cikin ɗaki mai kwano. Mai ɗora hotunan kaya ya fito fili kawai, sau da yawa ya ga bambanci nan take.

A shafin lambobin nan za ka ga wata lamba mai suna PCI ko Cell ID. Ita ce sunan fuskar anten ɗin da kake kai. Idan ka zagaya bayan gida ka ga ta sauya, to ka koma wata fuskar ko wani anten ɗin. Ka gwada gudu a nan ko da sanduna sun ragu. Na sha ganin sanduna biyu a fuskar da ke kallon fili ko makaranta sun fi sanduna huɗu a fuskar da ke kallon cikin unguwa, domin da dare makaranta babu kowa.

Mataki na huɗu: gwada 3G, sannan layi na biyu

Waya tana son 4G, ko da 4G ɗin ya cika maƙil, nan za ta liƙe. Wani lokaci 3G na anten ɗin yana da sauƙin jama'a. Ka shiga Paramètres, ɓangaren sim da rezo, ka nemi Type de réseau préféré ko Mode réseau, sunan yana ɗan bambanta tsakanin Tecno da Itel da Samsung. Ka zaɓi 3G, ka jira minti guda, ka gwada. A ɗakin Hajiya ya ba mu Mbps 1.2 a daidai lokacin da 4G yake ba da 0.4. Amma wannan dabara ba ta da tabbas. A wasu unguwannin 3G ya fi muni, kuma ko inda ta yi aiki yau ba lallai ta yi gobe ba. In ka sauya, ka tuna ka mayar da shi 4G kafin ka kwanta, in ba haka ba za ka wuni a kan ƙaramin gudu kana zargin kamfani.

Kunna Mode Avion na sakan goma a kashe yana sa waya ta sake neman anten. Wani sa'in ta faɗa wata fuskar mai sauƙi, ka samu ƴan mintuna na numfashi. Ka gwada sau ɗaya. Idan bai yi ba, maimaitawa sau ashirin ba za ta rage mutum ko ɗaya daga kan anten ba.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri a wurina shi ne layi na biyu. A Nijar muna da Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms, kowanne da na'urorinsa da yawan masu amfani da shi a kowace unguwa. Ko da dogon ƙarfe guda suka hau tare, rabon kowa daban ne. Ba zan ce maka wane ya fi wane ba, domin amsar tana sauyawa daga Yantala zuwa Talaje, har daga wannan lungu zuwa wancan. Layin da kowa a unguwarku yake yabo da rana, sau da yawa shi ne yake fin shaƙewa da dare, saboda kowa yana kansa. Kada ka sayi forfe na wata don gwaji. Ka ari wayar maƙwabci mai wani layin, ko ka sa ɗan ƙaramin forfe na kwana ɗaya, ka gwada a wurin da ka zaɓa da ƙarfe 9. A bakin zauren Hajiya, layin jikanta ya ba da Mbps 4 a lokacin da nata yake ba da 1.6. Sai muka bar tsohon layinta don kira da lambar da masu saye suka sani, muka mayar da intanet na dare kan na biyun. WhatsApp ba ya damuwa da wane sim ne yake ba shi intanet, lambarka tana nan yadda take.

Mataki na biyar: rage wa ɗan rabonka kaya

Idan Mbps ɗaya da rabi ne rabonka, to kada ka bari wayar ta raba shi da abubuwan da ba ka aike ta ba. A WhatsApp ka shiga Stockage et données, a ƙarƙashin Téléchargement automatique des médias ka cire alamar bidiyo da takardu, in kana cikin ƙungiyoyi da yawa har da hotuna. Mai ƙungiya talatin wayarsa tana jan wa'azi da bidiyon biki na mutanen da bai ma sani ba a daidai lokacin da yake jiran saƙo ɗaya mai muhimmanci. A shafin nan kuma akwai maɓallin rage cin intanet a lokacin kira, ka kunna shi. A Play Store ka hana sabunta manhajoji ta intanet ɗin sim. Ka kunna Économiseur de données na wayar, yana hana manhajoji ja a bayan fage. Idan kana raba wa yara intanet daga wayarka, ka san cewa duk cikin rabonka ɗaya suke ci.

Bidiyo kuma a sauke ingancinsa da hannu. YouTube yana buƙatar kamar Mbps 2.5 don 720p, kamar 1.1 don 480p, kamar 0.7 don 360p. Wanda yake da 1.6 ya zaɓi 360p zai kalli karatunsa ba tsayawa, kuma a ƙaramin allon waya bambancin ba mai yawa ba ne. Kiran murya ɗan abu kaɗan yake ci idan aka kwatanta da na bidiyo, don haka in hoto ya fara daskarewa ka kashe kyamara ka ci gaba da magana. In maganar ta gaggawa ce, a kira da kiredi, kiran waya na yau da kullum yakan wuce a lokacin da intanet ya tsaya.

Mataki na shida: mayar da manyan ayyuka lokacin da anten yake hutawa

Wannan ba ya cin ko dala, sai dai sauya sabo. Duk abu mai nauyi, sauko da darasi, sabunta waya, tura bidiyon kaya, ajiye hotuna, a yi shi bayan asuba ko bayan sha biyun dare. Ɗalibi ya sauko da bidiyon karatunsa da safe ya kalla da dare ba tare da intanet ba. Kamfanoni sukan sayar da forfe na dare mai rahusa, kuma dalilin rahusar shi ne a lokacin anten ba shi da kowa. Ka duba sa'o'in da forfen yake farawa da ƙarewa kafin ka saya, domin ba ɗaya ba ne a kowane kamfani.

Hajiya yanzu tana ɗaukar hotunan kaya da la'asar, lokacin da haske yake da kyau, ta ɗora su kafin magariba. Abin da aka ɗora a Statut na WhatsApp yana kwana ɗaya cur kafin ya ɓace, saboda haka masu kallo bayan isha'i suna samun sa a shirye. Da dare abin da ya rage mata amsa tambaya ne da ciniki, rubutu da gajeren saƙon murya, kuma wannan ko a ƙaramin gudu yana tafiya.

Abubuwan da ba na son a kashe wa kuɗi

Manhajojin da suke alkawarin ƙara gudun intanet ba sa iya ƙara wa anten komai, wasunsu ma talla suke cika maka waya da ita suna cin forfe. VPN ba ya kauce wa cunkoso, domin ta anten ɗin nan dai zai bi, kuma yakan ƙara jinkiri. Sauya APN, wato saitin da waya ke shiga intanet ɗin kamfani da shi, da wasu lambobin da ake yawo da su a ƙungiyoyi yakan bar mutum babu intanet gaba ɗaya. Sayen forfe mai girma ma ba magani ba ne, domin jiga ashirin da jiga ɗaya layi ɗaya suke bi. Na'urar ƙara ƙarfin rezo da ake kafawa a gida tana cika sanduna, amma ba ta rage jama'a, kuma marar kyau tana jefa hayaniya a iska ta ɓata wa maƙwabta.

Abin da ya cancanci kuɗi, ga mai shago ko gidan da mutane da yawa suke aiki da intanet, shi ne akwatin wifi mai ɗaukar sim, a ɗora shi a wurin nan da awo ya nuna, sama kusa da taga, mutane su zauna inda suke so. Kunnensa ya fi na waya, kuma idan yana da wurin haɗa eriya ta waje za a iya juya ta ta kalli anten mai sauƙin jama'a. Igiyar eriyar ta zama gajera, domin doguwa tana cinye ƙarfin da aka samo. Shi ma kada a saya sai an gwada layin a wurin da dare. Inda igiyar intanet ta gida ta iso unguwa kuma aljihu zai ɗauka, ita ce take fitar da mutum daga layin anten ɗungurum.

Takardar awon nan kada ka yar da ita

Duk abin da na lissafa dabarar zama da matsala ce. Mai iya ƙara wa anten ƙarfi, ko ya kafa sabo, kamfani ne kaɗai. Idan ka kira su ka ce intanet ba ya tafiya, za a ce ka kashe waya ka kunna. Idan kuwa ka ce a unguwa kaza, kusa da masallaci kaza, kwana uku a jere gudu yana faɗuwa daga 7 da asuba zuwa 0.4 da ƙarfe 9 alhali RSRP ba ta sauya ba, ga lambar Cell ID, to ka ba su abin da injiniya zai iya dubawa. Ka nemi a ba ka lambar ƙorafin ka rubuta ta tare da kwanan wata. Maƙwabta biyar ko goma su yi haka, kowa da layinsa, ya fi mutum ɗaya ya kira sau goma. Idan an ɗauki lokaci babu amsa, hukumar ARCEP ita ce mai sa ido a kan kamfanonin sadarwa a ƙasar nan, kuma da takardar awon da lambar ƙorafin za ka je mata.

Bayan wata biyu ko uku ka sake yin awon dare ɗaya a wuri ɗaya. Layin da ya cece ka yau zai iya cika idan unguwa ta gano shi, wanda ka gudu daga kansa kuma wataƙila an ƙara masa ƙarfi. Hajiya ta manna takardarta a bayan ƙofar zaure, jikanta ne yake ƙara mata sabon layi na lambobi a farkon kowane wata.